Taƙaitawa kan canza sunayen kwastomomi a hoton allo

Jama'a ga abin da na tattaro daga hirar nan ta hoton manhaja da za a sa a littafin koyar da sababbin yaran shago a Kumasi, kan yadda za a ɓoye sunayen kwastomomi na gaskiya da ke cikin hoton.

1. Kowa ya yarda a fara rubuta jerin musaya, wato wane sunan gaskiya ne ya koma wane na bogi. In mutumin gaskiya ya zama Malam Tanko a shafi na 2, to Tanko zai zauna har ƙarshe, da lambar wayarsa da bashinsa, kar ya koma Sani a shafi na 9 yaro ya ruɗe.

2. Kuɗi ma sai an lura, in ka canza sidi 350 zuwa 200 dole jimillar ƙasa ta canza, in ba haka ba lissafi ba zai haɗu ba.

3. Inda aka rabu: wasu sun ce a dusashe sunan kawai, wasu suka ce a'a, rubutun da aka dusashe ana iya gano shi. Mafi yawa sun fi son a buɗe asusun gwaji a cika shi da sunayen bogi sannan a ɗauki hoton, ni ma nan na karkata gaskiya.

4. Sanarwar MoMo da ke faɗowa a saman allo, nan sunan kwastoma ke ɓuya, a duba kafin a tura.