Bidiyon Hausa ne, amma wane take zan sa masa?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar tasha a YouTube inda nake koyar da sana'o'in hannu, kuma duk da Hausa nake magana. Na ɗora bidiyon haɗa sabulun ruwa, na sa masa take da tsantsar Hausa: `Yadda ake haɗa sabulun ruwa`. Sai wata ƙawata ta ce in shiga wurin fassara a YouTube Studio in ƙara taken Turanci, wai don masu nema da Turanci su ma su same shi. Na ƙara. Yanzu duk wayar da na duba a gidanmu, taken Turancin kawai take nunawa, na Hausar ya ɓace. Don Allah wanda ya taɓa cin karo da wannan ya gaya mana yadda ya yi.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Hajiya, taken Hausarki yana nan, bai ɓace ba. Idan kika ƙara fassarar take, ana nuna wa kowane mai kallo wanda ya dace da harshen da manhajarsa take kai. To mu nan Najeriya wa ya saita wayarsa a Hausa? Kusan kowa tasa a Turanci take, har wadda ba ta jin ko zo in kashe ki da Turanci. Shi ya sa 'yan gidanki suke ganin na Turancin. Ni gyaran waya nake koyarwa, kuma na daina amfani da wannan hanyar saboda masu kallona Hausawa ne masu waya a Turanci. Take ɗaya nake rubutawa, in haɗa harsunan biyu a ciki. Da naki ne, ga yadda zan sa:

```
Yadda ake hada sabulun ruwa a gida | Liquid soap in Hausa
```

Hausar ce a gaba domin a waya ana yanke dogon take, farkonsa ne kawai ido yake kamawa. An ba ki haruffa 100, amma ba sai kin cinye su duka ba. Wannan `in Hausa` ɗin kuma aiki biyu yake yi. Bahaushen da ya saba nema da Turanci haka yake rubutawa don ya tace bidiyon Indiyawa da na Legas, wanda kuma ba ya jin Hausa zai gani ya wuce abinsa tun kafin ya taɓa.

Ɗan Kurmi: Ni fa a ganina duk wahalar banza ce. A cika akwatin `Tags` da kalmomin Hausa da na Turanci, shi ke nan. Haka nake yi, kuma ana samun bidiyona.

Baban Khalifa: Malam, ana samunsu ne saboda takenka, ba don wannan akwatin ba. Su kansu masu YouTube sun rubuta cewa rawar da yake takawa wajen gano bidiyo kaɗan ce, sai dai idan kalma ce da mutane suka saba rubutawa ba daidai ba. A nan kam kana da gaskiya, domin mu matsalarmu ke nan. Mutum ɗaya zai rubuta `haɗa`, goma su rubuta `hada`, wani ma `hadha`. Haruffa 500 ne akwatin yake ɗauka gaba ɗaya, to a zuba irin waɗannan a ciki.

Malama Uwani: Baban Khalifa, a nan ne ba mu jitu ba. Na ga ka cire lanƙwasar ɗ a taken da ka ba ta. Ni malamar makaranta ce, darussan Hausa nake ɗorawa ga masu shirin jarrabawa, kuma ba zan iya rubuta `kasa` ina nufin ƙasa ba alhali ina koyar da ƙa'idar rubutu. Abin da nake yi shi ne, take da cikakkun haruffansa, sannan a layin farko na bayanin da ke ƙasan bidiyo in maimaita jimlar ba lanƙwasa. Na gwada nema ta hanyoyin biyu a wayar ƙanwata. Wani bidiyon ya fito a duka biyun, wani kuma sai da na sa lanƙwasar sannan ya hau sama. Saboda haka ban yarda a ce dole sai an cire ba.

Mai Koko: Wallahi abin da yake damuna ke nan. Idan na kunna rubutun nan da yake fitowa a ƙasan bidiyo lokacin da nake magana, sai ya riƙa rubuta wani shirme da ba abin da na faɗa ba. Yaya ake gyara shi?

Baban Khalifa: Wannan wata magana ce daban, ɗan'uwa, amma duba `Video language` a shafin `Details` ka tabbatar Hausa ka zaɓa. Rubutun maganar kuwa da hannu za ka rubuta shi ka ɗora.

Ta Maraɗi: Sannunku da aiki. Mu a wajenmu lissafin ya ɗan sauya, domin wayoyinmu a Faransanci suke. Girki nake yi. Na ɗora bidiyon ƙosai da take ɗaya na Hausa da ɗan Turanci a ƙarshe saboda 'yan Najeriya sun fi yawa a masu kallona, sannan na ƙara fassarar Faransanci. Sai na ga abin Maman Ilham ne ya same ni: mutanen Maraɗi da Damagaram suna ganin taken Faransanci zalla. Ban cire fassarar ba. Na sake rubuta ta yadda Hausar za ta fara, Faransancin ya biyo baya. Ba wanda ya hana ki sa Hausa a cikin akwatin fassara. Hajiya, ke ma za ki iya yin haka da na Turancin idan ba ki son gogewa.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri, wannan dabarar ba ta zo mini ba. To amma ta yaya zan san kalmomin da mutane suke bugawa? Ni zato kawai nake yi.

Baban Khalifa: Ba sai kin yi zato ba, an ajiye miki su. Shiga `Analytics` na bidiyon, ki je `Reach`, ki buɗe `YouTube search` a cikin hanyoyin da masu kallo suke shigowa. Za ki ga ainihin abin da suka rubuta. Ni da na duba nawa, ba Hausa zalla na gani ba, ba Turanci zalla ba. Irin su `yadda ake gyaran charging port` ne suka cika jerin: ginin jimlar na Hausa, sunan abin kuma yadda ake kiransa a kasuwa. Ina kyautata zaton ke ma za ki tarar da `yadda ake hada liquid soap`. Idan kin gan shi, ki sa shi haka ɗin a layin farko na bayani, cikin jimla mai ma'ana, kada ki jera kalmomi barkatai. Sai ki bi shi da jimla ɗaya ta Turanci da ke cewa da Hausa ake magana, sannan sunayen kayan haɗin yadda aka rubuta su a jikin leda, tunda su mutum zai nuna wa mai shago.

Akwai kuma alamar da za ta nuna miki Turancin ya yi yawa. Duba layin nan da ke nuna inda mutane suke barin kallo. Idan masu shigowa sun ƙaru amma layin ya faɗi warwas a daƙiƙun farko, da sallamarki ke nan, wataƙila waɗanda ba sa jin Hausa ne take ya jawo. Sai ki duba ƙasashen da suka fito ki tabbatar.

Malama Uwani: Na yarda da wannan duka. Maganar lanƙwasa ce dai har yanzu ina kan bakana. Maman Ilham, ki bar ɗ ɗinki a take, ki sa `hada` a bayani, ki ba shi mako biyu ko uku, sannan ki dawo mana da abin da jerin nan ya nuna.

Maman Ilham: To Malama, haka zan yi a na sabulun. Na man shafawa da zan ɗora ranar Asabar kuma zan bi na Baban Khalifa, in sha Allah, sai mu kwatanta.