Yarana sun iya tatsuniya, amma zubin labari ya gagare su

Malama Binta, Gwale: Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da Hausa a aji biyu na ƙaramar sakandare. Na ba su tatsuniyar Gizo da hankaki, na ce su fito da zubinta, kowa ya rubuto min "kwaɗayi mabuɗin wahala" ya ajiye biro. Ina zan ɓullo musu?

Malam Sani: Wa alaikumus salam Malama. Jigo suka ba ki, kuma ina zargin ke kika fara rubuta karin maganar a allo. Ɓoye ta sai ƙarshe. Ki yanka tatsuniyar gida biyar a kan kwali: Gizo ya ga hankaki da ɓaure ya roƙi su je da shi, sun ara masa gashi ya tashi, a kan bishiyar da ke tsakiyar ruwa ya hana su ci, kowane ɓaure ya ce shi ya fara gani, sun ƙwace gashinsu sun tafi, ya faɗa ruwa. Ki cakuɗa, kowane benci ya jera.

In sun jera, ki zare kwali na uku, ki sa wani ya karanta sauran. Da kansu za su ce, "To me ya yi musu suka ƙwace gashin?" Nan ƙullin labarin yake. Daga nan ki hana su "sai" na minti goma, duk mai haɗa kwali biyu ya ce "shi ya sa". Wanda ya kasa, jerin aukuwa ya haddace, bai ga abin da ya jawo wani ba.

Auwalu, ɗalibin NCE: Ai da sauƙi. "Ga ta nan, ga ta nanku" farko, "ƙurunƙus" ƙarshe, saura tsakiya.

Malam Sani: Auwalu, wannan mabuɗi da marufi ne, kowace tatsuniya da su take zuwa. Tsakiyar da ka dunƙule ita Malama ke nema.

Hajiya Rabi, Fagge: Ni ban yarda a bar karin magana sai ƙarshe ba. Da ita nake farawa, amma mai "in ji". Misali, "Ban sa a ka ba, in ji ɓarawon tagiya." Ga tauraro, ga laifi, ga ƙarshe. Sai in ce su rubuta abin da ya faru kafin ya faɗi haka. Wata yarinya ta kai shi Kasuwar Kurmi, aka kama shi da hular a aljihu.

Baban Khalifa: Mu dai a gidanmu ba a tatsuniya da rana. Yanzu har a aji?

Malama Binta: Har jarrabawa ake yi a kai, Baba. Hajiya, naki zan gwada ran Laraba. Malam Sani, a wadda na sani Gizo bai tsaya a faɗawa ruwa ba, ya haɗu da kada. In ƙara kwali na shida, ko sabon ƙulli ne wannan?