Neman kalma: me za mu kira wurin da ake sa wa `aria-live`?

Hadiza: Assalamu alaikum jama'a. Gobe da ƙarfe 10 zan koyar da yadda ake gina fom ɗin da makaho zai iya cikewa da manhajar karanta allo, kuma na yi wa ɗalibai alkawarin ba su darasin a rubuce da Hausa. `label` na kira shi laƙabi, saƙon kuskure kuma ba ya buƙatar fassara. Inda na maƙale shi ne layin ƙarshe a nan, wurin da manhajar ke karanta wa mutum sabon saƙo in ya shigo:

```html
<label for="imel">Adireshin imel</label>
<input id="imel" type="email" aria-describedby="kuskure-imel">
<p id="kuskure-imel"></p>
<div id="sanarwa" aria-live="polite"></div>
```

Na rubuta "yanki mai rai", da na karanta a fili ni kaina ban gane abin da nake nufi ba. Ku taimaka kafin dare.

Bala: Wa alaikumus salam. Mai shela. Abu ne ya faru, ya ɗaga murya ya gaya wa mutum. Na daɗe ina amfani da ita a rubuce-rubucena, ba wanda ya taɓa tambayata ma'anarta.

Musa: Malama, in dai so kike mutum ya san ya yi kuskure, ki sa `placeholder` a cikin akwatin, in ya rubuta ba daidai ba akwatin ya koma ja. Haka nake yi.

Zainab: Ɗan'uwa Musa, jan wa zai gani? Ni da manhajar karanta allo ta NVDA nake aiki kullum. Watan jiya na cike fom ɗin neman wani aiki, akwati ya kai 20, na danna maɓallin aikawa, shiru. Na sake dannawa, shiru. Sai a karo na uku na kira ƙanwata ta duba, ta ce ai tun ɗazu akwai jan rubutu a sama wai lambar wayata ba ta cika ba. Rubutun yana kan allo, amma ba abin da ya gaya wa manhajar ta karanta mini. Malama Hadiza, duk sunan da za ki ba abin nan, ki zaɓi wanda zai sa ɗalibanki su ji tsoron wannan shirun.

Malam Sani: Musa, `placeholder` yana ɓacewa da zarar an fara rubutu, ba ya zama madadin `label`. Amma ba shi ake tambaya ba.

Abin da ya sami Zainab, sau da yawa ba don mai fom ɗin bai sa `aria-live` ba ne. Yakan sa, amma sai ya ƙirƙiri `div` ɗin da saƙon cikinsa a lokaci guda, bayan an danna maɓalli. Ita kuwa manhajar canji take sauraro a wurin da ta riga ta san da shi. Dole wurin ya kasance a shafin tun farko, fanko, sannan daga baya a zuba masa rubutu. Haka nan in an ɓoye shi da `display: none`, a wurin manhajar babu shi. Shi ya sa nake ganin "gurbin sanarwa" ya fi. Gurbi wuri ne da aka tanada babu komai a ciki yana jiran abin da za a sa, to sunan da kansa ya koyar da rabin darasin.

Bala: Malam, da girmanka, ni na sha jefa `role="alert"` tare da saƙonsa lokaci guda kuma ya karantu. Wannan shela ce tsantsa, babu wani gurbi.

Malam Sani: Kana da gaskiya a nan, `role="alert"` yakan karantu ko da an jefo shi haka, sai dai ba zan rantse ba cewa kowace burauza da kowace manhaja za su yi. Kuma shi daidai yake da `assertive`, yana iya katse abin da ake karanta wa mutum. `polite` kuwa jira yake yi manhajar ta gama maganarta. Ka taɓa jin mai shelar da ke jira a yi shiru? Kalmarka ta ɗauki ɗaya ta bar ɗaya.

Dakta Ladi: Ni tun daga farko abin ya dame ni. Fom, imel, burauza, a darasin da aka ce na Hausa ne. Muna jayayya kan kalma ɗaya alhali jimlar duka aro ce. Me ya hana a ce takardar cikewa? Haka harshe ke zaizayewa muna kallo. Kuma laƙabi ba daidai ba ne, laƙabi sunan da ake yi wa mutum ne bayan na yanka. Abin da ke cikin `label` shi ne ainihin sunan akwatin.

Bala: Dakta, allo da manhaja ma daga Larabci muka aro su, ban ji kin kore su ba. Ko aron gabas ne kawai halak?

Dakta Ladi: Waɗannan sun yi ɗaruruwan shekaru a bakinmu, allo dai. Ba laifi ba ne in mutum ya yi kishin harshensa, Malam Bala, kuma kai ma kishin kalmarka ne ya hana ka sauraron kowa tun ɗazu.

Zainab: Takarda kuma? Dakta, ki yi haƙuri, ba takarda a gabana. Fom kowa ke cewa. Amma maganarki kan laƙabi ta shige ni, don in babu `label` abin da nake ji kawai shi ne akwatin rubutu, babu suna, sai in yi ta canka ko na imel ne ko na waya.

Hadiza: Don Allah mu dawo. Malam Sani, gurbin sanarwa ya kwanta mini, amma ga matsala: ɗalibai sun saba da "cike gurbi". Kada su ɗauka wurin da mai cikewa zai yi rubutu ake nufi. Sannan saƙon kuskuren imel ɗin nan, a cikin gurbin zan zuba shi?

Malam Sani: Wannan matsala ce ta gaske, ban hango ta ba. Sai dai ki tsaya kan "akwati" ga duk `input`, kada ki kira shi gurbi ko sau ɗaya.

Kuskuren imel kuwa ba sai ya shiga gurbin ba. In an danna aikawa, ki rubuta saƙon a `kuskure-imel`, ki sa wa akwatin `aria-invalid="true"`, ki kira `focus()` a kan akwatin farko da ya sami matsala. Manhajar za ta faɗi sunansa, ta ce ba daidai ba ne, ta karanta saƙon saboda `aria-describedby`. In kika ƙara zuba shi a gurbin, sau biyu mutum zai ji. Saƙon kuma ya faɗi gyaran: "Adireshin imel ɗin babu alamar @", ba "An sami kuskure" ba. Gurbin na saƙon da ke fitowa ne ba tare da an matsar da mutum daga inda yake ba, kamar "An adana" ko "An sami sakamako 12". Shi ne ƙa'ida ta 4.1.3 da ta shigo a WCAG 2.1, kundin ƙa'idojin gina shafin da masu buƙata ta musamman za su iya amfani da shi, a shekarar 2018.

Zainab: Kuma kada a duba kuskure a kan kowane harafi. Na rubuta harafin farko na imel ɗina, an katse ni wai ba daidai ba, na biyu ma haka. A bari in fita daga akwatin tukuna.

Hadiza: To ga abin da zan rubuta: gurbin sanarwa, `polite` mai jira, `assertive` mai katsewa. `label` zan mayar da shi "sunan akwati" saboda Dakta da Zainab, ko da yake ya yi mini tsawo. Fom yana nan yadda yake.

Dakta Ladi: Ban gamsu da fom ba, amma darasinki ne.

Bala: Mai katsewa dai shi ne mai shela, kun zagaya kun dawo. Ni a nawa rubutun ba zan canza ba. In kin buga darasin ki turo in gani.

Zainab: Ni ma ki turo mini fom ɗin yau da dare in gwada. Gobe kuma ki sa su kunna TalkBack, manhajar karanta allo ta Android, a wayoyinsu, su rufe ido, su cike shi da imel ɗin da babu @, su gaya miki abin da suka ji.