"In Allah ya yarda" na rubuta aka ce in gyara

Maman Iman: Salamu alaikum 'yan uwa, yau raina a ɓace yake. Na tura sanarwar taro na rubuta "za mu haɗu ranar Asabar in Allah ya yarda", sai wata ta gyara min a gaban kowa, wai "in sha Allah" ake cewa. Ni a ganina su wallahi da insha Allah da masha Allah duk kayan aro ne, in da Hausa muke hira a fassara su kawai. Ko na yi ƙarya?

Ɗanlami: Wa alaikumus salam. Anti, ke ma da Larabcin kika buɗe saƙon naki ai.

Maman Iman: Ɗanlami ban son wasa, da gaske nake.

Baba Audu: Kalmar "aro" ɗin nan ce ta tsaya min a wuya. Abin aro mayarwa ake yi. To 'yata, wa za mu mayar wa Asabar ɗin da kika sa taron? Ita da Lahadi da Litinin har zuwa Juma'a duk daga Larabci suke. Lafiya, labari, duniya, littafi, alƙalami, ashirin da talatin ma haka. In kika kwashe su, gaisuwar safe ma sai ta gagare ki. Abin da kakannin kakanninmu suka tashi da shi a baki ya daina zama baƙo.

Maman Iman: Baba, waɗancan ba mu da madadinsu. Wannan kuwa muna da shi.

Hafsa: Ni dai abin da na sani, wadda ta gyara miki taimakonki ta yi. Alƙur'ani ne ya ce a ce insha Allah, a Suratul Kahfi. Abin da ya zo a nassi ba a canza shi.

Malam Sani: Hafsa kin kusa, amma a duba ayar da kyau. Aya ta 23 da ta 24 ce a Kahfi. Abin da ta hana shi ne mutum ya ce zai aikata abu gobe bai jingina shi ga nufin Allah ba. Lafazin da ke wurin ma "illa an yasha'allah" ne. "In sha Allah" ɗin da muke faɗa yana wasu wuraren, kamar aya ta 69 a surar, inda Annabi Musa yake alkawarin yin haƙuri, da Yusuf aya ta 99. Wato ma'anar ake nema, ba karatun salla ba ne da sai da Larabci. Wanda ya faɗa da Hausa ya sauke nauyin. Inda zan ɗan ja da Maman Iman shi ne "yarda". Kalmar Larabcin, sha'a, nufi ce. Yarda kuwa tana ɗauke da amincewa da jin daɗin abu, wadda Larabawa ke ce wa rida. Malaman tauhidi suna raba su, domin abubuwa da yawa suna aukuwa da nufin Allah ba tare da yardarsa ba. "In Allah ya so" ko "in Allah ya nufa" sun fi kusa.

Maman Iman: To Malam, kenan uwata da kakata da suka mutu suna cewa "in Allah ya yarda" duk kuskure suka yi?

Malam Sani: Ban ce haka ba Hajiya. Na ce ɗaya ya fi kusa da lafazin.

Baba Audu: Malam Sani, Hausar ce ba ka auna ba. Bahaushe in ya ce "hanya ba ta yarda ba" ko "jikin ya ƙi yarda", ba maganar jin daɗi yake ba, bari yake nufi. "In Allah ya yarda" a bakinmu, in Allah ya bari ne. Ka ɗauko rabe-raben littafi ka ɗora wa kalmar da ba ta san da su ba.

Malam Sani: Na ji wannan Baba, kuma yana da ƙarfi. Amma har yanzu in ɗalibi zan koya wa, "ya so" zan ba shi.

Ɗanlami: "So" ɗin ma ai ƙauna ce. In yarda ta faɗi jarrabawa, so ma ba zai ci ba.

Malam Sani: Shi ya sa na ƙara da "ya nufa".

Hafsa: Kun gani? Mutum uku, fassara uku. Da an bar shi yadda yake da duk ba a yi wannan ba.

Abban Sadiq: Ku bar batun fassara, babbar matsalar rubutun ce. An turo min saƙo cewa duk wanda ya haɗe ya rubuta "inshaAllah" ya ce an ƙirƙiri Allah, wa'iyazu billahi. Dole a raba shi uku.

Malam Sani: Saƙon nan ya daɗe yana yawo. Tushensa gaskiya ne: a rubutun Larabci akwai kalmar insha'u, ƙirƙira ko tsara rubutu, 'yan Islamiyya sun san darasin. In an manne "in" da "sha'a" suna kama da ita, don haka a Larabci raba su ne daidai. Amma mu da boko muke rubutawa, kuma babu Bahaushen da ya taɓa karanta "insha Allah" ya fahimci ƙirƙira. Raba shi ya fi kyau, kafirta mutane a kai kuwa ya yi nisa.

Abban Sadiq: Ban kafirta kowa ba. Tunatarwa ce. Masu rubuta wlh da isA fa, su ma za ka wanke su?

Rifkatu: Ku yi haƙuri in shigo. Ni Kirista ce, Hausa ce harshen gidanmu. Mu "in Allah ya yarda" ko "in Ubangiji ya yarda" muka tashi da shi, kuma yana da tushe a wurinmu, wasiƙar Yaƙub sura 4 aya ta 15 ta koyar da haka. Don haka in aka ce kuskure ne sai in ji banbaraƙwai. Wallahi kuwa yana suɓuce min a hira kamar kowa, mamana ce ke min faɗa, don an hana mu rantsuwa.

Hafsa: Anti Rifkatu da girmamawa, maganar ta musulmi ce.

Baba Audu: Maganar ta masu jin Hausa ce Hafsa, kuma Rifkatu ta fi wasunku jin ta.

Zulai: Ni aikin gyaran rubutu nake yi, bari mu gwada a aikace maimakon musu. Ga saƙon da ƙanwata ta turo min jiya: "Wlh na manta Yaya, insha Allah gobe zan turo. Na ga hoton yaron, masha Allah ya girma." In na bi shawarar Maman Iman zai koma: "Na rantse da Allah na manta Yaya, in Allah ya so gobe zan turo. Na ga hoton yaron, abin da Allah ya so ya girma."

Na tsakiyar ya zauna daram, ba abin da ya ɓata. Na farkon ya yi nauyi. "Wlh na manta" ban haƙuri ne kawai, amma in ta rubuto min "na rantse da Allah" sai in ɗauka na zarge ta da ƙarya, ko ta yi fushi. Na ƙarshen kuma ya watse gaba ɗaya, ba wanda zai gane yabo ne. In ka nemi wata kalmar da za ta yi aikinsa, tubarkalla za ka samu, ita ma daga tabarakallah take. Kuma ku duba: in wani ya ce "rayuwa ta yi tsada" aka amsa masa da "wallahi kuwa", fassarar wannan "gaskiyarka" ce, rantsuwa ba ta ma shigo ba. Ukun nan ba a ƙwarya ɗaya suke ba, shi ne inda tambayar ta karkace tun farko.

Abban Sadiq: Au, kina cewa wallahi ba rantsuwa ba ce? Harafin wawu na rantsuwa ne a gaban sunan Allah, ɗan uwan billahi da tallahi. Duk wanda ya faɗa ya saɓa, kaffara ta hau shi.

Zulai: Yadda ake amfani da ita na faɗa Yaya, ban ba da fatawa ba.

Malam Sani: A nan ma akwai bayani. Baƙara aya ta 225 da Ma'ida aya ta 89 sun ware rantsuwar lagawu, wadda ba a kama mutum da ita. Nana A'isha ta fassara ta da irin "a'a wallahi, ƙwarai wallahi" da ke bin baki, Imam Shafi'i ya tafi a kan haka. Imam Malik kuwa ya ce lagawu ita ce ka rantse kan abin da kake zaton haka yake, sai ta bayyana ba haka ba ne. To mafi yawanmu Malikiyya muke karantawa, kun ga ba za a ce an rufe ƙofar ba. Wadda aka ƙulla da niyya kan abin da za a yi, kamar "wallahi gobe zan biya ka", in aka saɓa kaffararta ciyar da miskinai 10 ko tufatar da su ko 'yanta bawa, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana 3. Kuma fassara ba ta kuɓutarwa, rantsuwa da sunan Allah da Hausa ma rantsuwa ce.

Ɗanlami: In haka ne akwai wani a nan da ake bin sa azumin wata guda. Tun bara yake ce min "wallahi ƙarshen wata, insha Allah".

Abban Sadiq: Ɗanlami in da ni kake ka kira sunana.

Ɗanlami: Ban kira suna ba, kai ka amsa.

Abban Sadiq: Rabin kuɗin na ba ka a hannu, ko ka manta? Kuma ai na ce insha Allah, wanda ya haɗa rantsuwa da insha Allah ba kaffara a kansa. Malam ko ba haka ba?

Malam Sani: In ya haɗa su ba tsaiko kuma togaciya ya nufa, haka ne. Amma kaffarar ce ta faɗi, bashin yana nan.

Ɗanlami: Masha Allah. Wannan kam ba na bukatar fassararsa.

Maman Iman: Ni fa har yanzu ba wanda ya ce min wadda ta kunyata ni ta yi daidai ko ba ta yi ba.

Hafsa: Bari in taƙaita tunda an yi nisa. Kowa ya amince a bar kalmomin yadda suka zo. Malam ya nuna "yarda" kuskure ce, Anti Zulai ta gwada fassara ta ga ba ta yiwuwa, Baba ya ce ba aro ba ne. Maman Iman sai haƙuri.

Zulai: Hafsa, biyu na ce sun ƙi. Na Maman Iman ɗin shi ne wanda na ce ya zauna daram.

Malam Sani: Ni ma ban ce kuskure ba.

Maman Iman: Taron dai yana nan ranar Asabar ƙarfe 4, in Allah ya yarda. Ba zan goge ba.