Gaisuwa da roƙon iri: zargi ne ko wasa?

Ɗan Autan Inna: Na je wajen kawuna neman rancen kuɗin haya. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi iyali da gona, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Sai ya yi dariya ya ce, "Ashe gaisuwa ce da roƙon iri." To ina zan sa kaina? In ban tsawaita ba a ce ba ni da ladabi, in na tsawaita a ce dabara ce.

Baba Manomi: Ɗana, yaushe rabonka da gidansa kafin ranar? Amsar tana nan. Maganar daga noma ta fito. Ruwan shuka ya sauka, mutum ya duba rumbu ya ga ya cinye geron da ya ware na iri, sai ga shi a zauren maƙwabcin da bai leƙa ba duk tsawon rani, yana ta jero "ina gajiya". Tsawon gaisuwar ba laifi ba ne. Laifin shi ne ba a ganin ƙafarsa sai ranar buƙata.

Kuma doguwar gaisuwa aiki take yi. Kowa zai ce maka lafiya lau ko da bai runtsa ba, don haka abin da ya biyo baya za ka saurara. Ka ce ya iyali, in ya ce "da sauƙi", akwai mai jinya a gidan, kuɗi sun tafi magani. Ka ce ya kasuwa, in ya ce "sai haƙuri", ka san aljihun. Mai hankali a nan yake haɗiye roƙonsa, ya yi addu'a ya tashi. Bai ji kunyar a hana shi ba, mai gida bai ji kunyar hanawa ba. Sannan ba baƙo ke buɗe magana ba. Za a ɗan yi shiru, a sake sabuwar gaisuwa, sai mai gida ya ce "lafiya dai ko?" Wasu ma sai an fito rakiya suke faɗa.

Ɗalibin Zaure: Ni a ganina duk daga addini ne. Suratun Nisa'i, aya ta 86, ta ce in an gaishe ku ku amsa da mafi kyau ko ku mayar da irinta.

Hajiyar Zango: Malam, ayar haka take, amma sallama ai numfashi ɗaya ce. Jerin tambayar kwana da gajiya da yara al'ada ce, kuma ba mu kaɗai ba. Nan Kumasi, in ka je gidan dattijon Asante, sai an ba ka kujera, an kawo ruwa, an bi an gaisa, kafin a tambaye ka abin da ke tafe da kai. Ko shi ya aika a kira ka, sai ya tambaya. Wannan ba daga Musulunci suka samo ba.

Direban Dakar: Gaskiyar Hajiya. Wolof na Senegal kuma sunan zuriyarka za a yi ta maimaitawa, kai ma kana maimaita nasa. Bisa al'ada na ƙasa ne ke zuwa wajen na sama, shi ke jero tambayoyi, babban yana amsawa a taƙaice. Kafin a zo maganar kuɗi kowa ya san matsayinsa. Mu ma ai yaro ke zuwa ya durƙusa.

Mai Shago a Kwari: Ku yi haƙuri, ni wannan gaisuwar ta cinye mini jari. Wanda ya shigo ya ce "nawa turmi?" kuɗi ne a hannunsa. Wanda ya zauna a benci ya tambayi jikin tsohuwata har ya kira sunan ƙaramin ɗana, bashi zai ɗauka, kuma ya riga ya ɗaure ni da jijiyoyin jikina. Ta ina zan ce a'a?

Baba Manomi: Alhaji, ƙofar fita tana cikin gaisuwar. Da ya ce ya kasuwa, me ka amsa?

Mai Shago a Kwari: Alhamdu lillahi mana. So kake in yi wa Allah butulci a gaban abokin ciniki?

'Yar Jami'a: Ni masu turo "slm" kawai su yi shiru suna jiran amsa ne suka dame ni. Ka faɗi abin da kake so mana!

Hajiyar Zango: 'Yata, wannan ai gajeriyar gaisuwa ce, wata matsalar daban. Autan Inna, ni ban ɗauki maganar kawunka zargi ba. Mu mata mukan riga mai gida faɗa, "yau dai gaisuwa ce da roƙon iri", a yi dariya, nauyin bakin ya tafi.

Baba Manomi: In mai roƙo ya faɗa wa kansa, wasa ne. In aka faɗa masa, Hajiya, akwai tsini a ciki.

Ɗan Autan Inna: Rabona da gidan tun Babbar Sallah. Ya ba ni rabin kuɗin dai, ya ce in dawo Juma'a.

Direban Dakar: In dawo karɓar sauran, ko in dawo gaisuwa? Ka tambaye shi?