Tiren tagulla ya dusashe: me lemon tsami da gishiri suka yi muku?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum. Akwai babban tiren tagulla aikin Bida da wata 'yar buta a cikin kayan da surukata ta ba ni. Sun yi duhu, ƙyallin ya tafi gaba ɗaya, ga ɗigon kore a gefen tiren. An ce in goge da lemon tsami da gishiri. Waɗanda suka taɓa yi, don Allah ku faɗa mini yadda kuka yi da abin da ya biyo baya, kada in ɓata kayan mutane.

Uwargidan Fagge: Wa alaikumus salam. Kowace Sallah nake yi wa nawa. Ki fara wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, maiƙo da ƙura su fita, in ba haka ba lemon a kan datti zai zauna, ba zai kai ga ƙarfen ba. Sai ki raba lemon tsami biyu, ki dangwala ɓari ɗaya a gishiri mai laushi, kamar ƙaramin cokali, ki riƙa murzawa a hankali. Kada ki shafe tiren duka lokaci guda. Ki ɗauki wuri kamar faɗin tafin hannu, ki murza, minti biyu ko uku za ki ga launin ya buɗe, sai ki ɗauraye ki matsa gaba. Babban tire yakan ci mini lemon uku ko huɗu, irin ƙananan nan.

Baba Maƙeri: Hajiya ta faɗi daidai, amma 'yata, kafin lemo ya taɓa shi ki nemo maganaɗisu. Ki ɗora a bayan tiren. Tagulla ta gaske ba ta kama maganaɗisu, don haɗin jan ƙarfe ne da tutiya. In ya manne, to baƙin ƙarfe ne aka yi wa shafen ruwan tagulla, kuma shafen siriri ne ƙwarai, gishiri zai gurje shi ki ga fari ko tsatsa ta fito. Irin wannan sabulu da tsumma kawai. Naki tunda aikin hannu ne na Bida, ina kyautata zaton na gaske ne, amma gwajin ba ya cin kuɗi.

Abu na biyu, ki gwada a ƙasan tiren inda ido ba ya gani. In kin shafa lemon launi bai motsa ba ko kaɗan, an yi masa fanish ne a sama. Kayan adon da ake shigowa da su da yawa haka suke. Lemo ba ya ratsa fanish, inda ya ɓare kawai zai ci, sai abin ya fito dabbare-dabbare.

Amaryar Bana: Ni fa munduwata ce ta koma wani ja-ja, kamar ruwan hoda. Ƙanwata ce ta jiƙa ta a ruwan lemo da gishiri muka kwanta, da safe muka gan ta haka. Jabu aka sayar mini ke nan?

Baba Maƙeri: A'a, ba jabu ba ce. Tsami in ya daɗe a kan tagulla, tutiyar da ke saman yake fara cinyewa, ya bar jan ƙarfen shi kaɗai. Wannan jan da kike gani shi ne. Shi ya sa ba a jiƙawa, kuma ba a barinsa ya bushe a jiki. Minti biyar ma ya yi yawa a wajena. In jan bai yi zurfi ba, goga da man goge ƙarfe irin su Brasso da tsumma mai laushi zai ɗauke shi a hankali, ruwan ɗorawar ya dawo. In kuwa kin ga ƙananan ramuka, waɗannan sun zauna, sai dai a kai wa mai injin goge ƙarfe, shi ma cin jikin munduwar zai yi.

Ɗan Kurmi: Mu a shago tsamiya da toka muka taso muka ga ana yi. Lemo na masu kuɗi ne. Kuma in kina son aiki da sauri ki zuba bekin soda a cikin ruwan lemon, za ki ga yana kumfa, ƙarfinsa ya ninka.

Malama Mai Kimiyya: Tsamiya kam tana yi, tsami ne dai ake nema. Amma maganar kumfa ba haka take ba, Alhaji. Kumfar nan alama ce ta cewa sodar tana kashe tsamin lemon. Abin da ya rage yana gogewa ne saboda garin sodar yana ɗan gurza, ba don ƙarfi ya ƙaru ba. Ni inda nake sa soda shi ne a ƙarshe: cokali ɗaya a kwanon ruwa, in ɗauraye da shi bayan na gama, sannan in sake ɗauraye da ruwa zalla.

Kuma a nan ne yawancin mutane ke faɗuwa. Tiren Bida cike yake da zane, gishiri yana maƙalewa a cikin ramukan zanen. In ba a fitar da shi ba, yana jawo laima, musamman da damina, sai ki ga kore mai gari-gari ya tsiro daidai kan layin zanen, ya fi na da muni. Ki sa tsohon buroshin haƙori mai laushi ki bi zanen a ƙarƙashin ruwa. Sannan ki tsane nan take da tsumma busasshe. Kada ki jingine shi ya sha iska, tabon ruwa zai fito.

Uwargidan Fagge: Ƙwarai. Na manta ban ce ba, bayan lemo tiren fes zai fito amma ba sheƙi. Sheƙin daga tsumma yake zuwa. Tsohuwar singileti ta auduga, ki yi ta goga har hannu ya yi ɗumi, tsumman ya yi baƙi ki juya wani gefen. Soson ƙarfe kuwa kada ya kusance shi. Mai aikina ta taɓa sa wa wani faranti, har yau karcen yana nan, in haske ya doke shi sai ka gani.

Kawun Zinder: Ni kayan doki na sani, likkafa da ƙararrawar ado. Abin da zan ƙara, kada ki nace sai kin fitar da baƙin da ke can cikin zanen. Shi yake sa zanen ya fito. Na ga tiren da aka wanke tas har ciki, daga nesa kamar ba a yi masa aiki ba. Kuma in tsohon kaya ne sosai na gado, masu sayen kayan tarihi sun fi son sa da duhunsa.

Amaryar Bana: To butar shayi ta silba fa, haka za a yi mata?

Uwargidan Fagge: Tagulla ake magana, ƙanwata. Waccan sabulu ya ishe ta.

Maman 'Yan Biyu: Na gwada, maganaɗisu bai kama ba, gefen da na shafa kuma ya buɗe. Amma koren nan bai fita duka ba. Kuma butar cikinta fari ne, in sa lemo a ciki?

Baba Maƙeri: Kada ki sa. Farin nan shafen kuza ne, shi ke raba ruwan sha da tagullar, gishiri zai kankare shi. Waje kawai za ki goge. Koren kuma ki kwaɓa ruwan lemo da gishiri da ɗan fulawa ya yi kauri, ki ɗora a kan ɗigon kaɗai, minti uku, ki bi da buroshi ki ɗauraye. Gara ki maimaita sau biyu da ki bar shi ya daɗe. Ki wanke hannu bayan nan, koren ba abin shiga ciki ba ne. Abinci mai tsami ma kada a zuba kai tsaye a kan tiren, a ɗora kwano.

Ɗan Kurmi: In an gama a shafa man zaitun kaɗan, yana daɗewa bai dusashe ba.

Malama Mai Kimiyya: Na yi man zaitun, da hunturu ƙura ya kama mini, ya yi danƙo. Kakin zuma siriri ya fi mini.

Ɗan Kurmi: Yawa kika sa, Malama. Ɗigo biyu ne a tsumma, a kuma goge shi tas. Namu na shago haka muke yi.