Wa ke da ikon yafe jini?

Yaya Binta: Ni dai ina nan kan bakana: wanda ya kashe rai da gangan a kashe shi. Ku tuna Hanifa, 'yar shekara 5 a Kano, mai makarantarsu ya sace ta ya ba ta gubar ɓera. Wane tausayi ya rage masa?

Auwalu: Yaya, shari'ar Hanifa mai sauƙi ce, shi ya sa kowa ke kawo ta. Ni Nasiru Bello ne ke hana ni sakewa. A Jihar Oyo aka yanke masa kisa kan fashi, ya ɗaukaka ƙara, aka kashe shi a 1981 ƙarar na jiran saurare. A 1986 Kotun Ƙoli ta ce an yi ba daidai ba. Wa aka gaya wa? Kabari?

Kawu Isa: To ai laifin gwamnoni ne da ba sa sa hannu kan takardar zartar da kisa.

Auwalu: Kawu, wannan gaggawa aka yi, ba jinkiri ba.

Malam Habu: Binta, ƙisasi gaskiya ne, Suratul Baƙara aya ta 179 ta ce akwai rayuwa a cikinsa. Amma ayar da ke gabanta ta buɗe ƙofar afuwa da diyya, ta kira hakan sassauci da rahama. Jinin haƙƙin magada ne, in sun yafe kisa ya faɗi. Kuma ba a sake shi ya tafi gida shan shayi: a Risala bulala 100 ne da ɗaurin shekara guda.

Yaya Binta: Ke nan, Allah gafarta Malam, da iyayen Hanifa sun yafe shi ke nan?

Malam Habu: A'a. Wanda aka yaudare shi aka keɓe shi aka kashe don kuɗi, wannan kisan gilla ne, kuma a wurin Malikiyya babu afuwa a cikinsa. Wanda ya ci amanar yarinyar da ke kiransa malam, duk gari ya tsorata, ba gida ɗaya ba.

Inna Talatu: Ƙanena aka daɓa wa wuƙa a rigimar gona. Dattawa suka cika zauren Baba kwana uku suna ba shi haƙuri har ya yafe. Mahaifiyarmu tana ɗaki riƙe da hularsa, ba wanda ya leƙa ya tambaye ta. Har ta rasu ba ta sake bi ta ƙofar gidan su yaron da ya yi kisan ba. Ban so a kashe shi ba, wallahi, amma wannan ba yafiya ba ce, kunya ce.

Auwalu: Allah ya jiƙansa, Inna. Kuma mai kuɗi ya biya diyya, talaka fa, Malam?

Malam Habu: Nan ka kama ni. Dangi kan haɗa masa, amma wanda ba shi da kowa shi ne ya fi kusa da igiya, kuma hakan yana damuna.

Yaya Binta: Inna, ki yi haƙuri da zafin bakina. Amma kan Hanifa ban sauya ba.